Wasiƙar Dubiya Tsakanin Miji da Mata: Addu'a da Larabci, Lallashi da Hausa

Wasiƙar dubiya ita ce takardar da ake aika wa wanda ke kwance a asibiti idan mai aikowa bai sami halin zuwa da ƙafarsa ba, ko kuma ya zo amma akwai maganar da ba ta faɗuwa a gaban jama'a. Idan tsakanin miji da mata ce a gidan Bahaushe Musulmi, takan zo da harshe biyu. Larabci ke buɗe ta da sallama, shi ke ɗauke da addu'ar neman waraka, shi kuma ke rufe ta. Hausa ke riƙe da tsakiya, inda ake tambayar jiki, a ba da labarin gida, a lallashi marar lafiya ya ci abinci ya sha magani. Gwanintar mai rubutu tana wajen sanin aikin da kowane harshe ke yi, da inda ɗaya zai tsaya ɗaya ya ɗauka.

Abin da ke kawo rubuta ta yawanci tsarin asibiti ne. Ɗakin maza daban yake da na mata, kuma mai jinyar da ke kwana wurin marar lafiya akan so ya zama jinsinsu ɗaya. Idan maigida aka ba wa gado, ƙaninsa ko babban ɗansa ke kwana, matar tana gida da yara. Idan uwargida ce, ƙanwarta ko gwaggonta ke zama, mijin sai dai ya shigo a lokacin dubiya ya tsaya gefen gado tare da surukai da maƙwabta. A cikin wannan taro abin da zai iya cewa bai wuce "Ya jiki?" ba, ita kuma amsarta "Da sauƙi" ce ko da tana jin jiki sosai, domin haka al'ada ta tsara. Ga kuma nisa: mutumin da ke kasuwanci a Ikko, matarsa na kwance a Kano, ko wadda aka kai mijinta babban asibiti a Zariya ita tana Funtuwa da goyo. Takardar takan bi mai kai abinci, a naɗe cikin jakar da ke ɗauke da kula da filas. A yau da yawa sun koma saƙon waya, amma tsarin maganar bai sauya ba.

Wannan hanyar isarwa tana da tasiri a kan kalmomin da za a zaɓa. Marar lafiya yana iya kasancewa hannunsa na ɗaure da robar ƙarin ruwa, ko idonsa bai buɗe sosai ba bayan tiyata, sai mai jinya ya karanta masa da ƙarfi, masu gadajen kusa suna ji. Don haka mai hankali yakan rubuta kamar akwai mutum na uku a tsakani. Kalmar so da za ta sa ƙanin miji ya yi tuntuɓen harshe, ko ta sa gwaggo ta kawar da kai, ba ta da wuri a takardar da ba a tabbatar wa zai buɗe ta ba.

Sunan da ake kira

Alkunya ta fara aiki tun daga layin farko. A gidaje da yawa mace ba ta kiran sunan mijinta na yanka, sai ta ce Maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko Yaya idan auren zumunci ne. Wata ta kira shi da sunan ɗa, ta ce Baban wane ko Abban wance. Nan ma akwai wata kunyar, domin iyaye da yawa ba sa ambaton sunan ɗan fari, sai a bi ta laƙabi. Yarinyar da ta ci sunan kakarta akan kira ta Ummi ko Mami, shi ya sa "Baban Ummi" ya zama kira mai sauƙi a bakin mata. Miji ya fi sakewa, yana iya kiran sunanta kai tsaye, amma da yawa sukan zaɓi Hajiya, ko Maman wane, ko Amarya ko da auren ya shekara goma. Matasan da suka tashi da karatun littattafan soyayya na Kano sun shigo da "masoyiyata" da "abin ƙaunata", wasu kuma sun aro habibi ga namiji da habibati ga mace. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce a yi kiran da aka saba yi a gida. Mutumin da matarsa ta shekara ashirin tana ce masa Malam, idan ya buɗe takarda ya ga wani sabon suna mai zaƙi, yana iya zaton likita ya gaya mata wani abu da aka ɓoye masa.

Wasali ɗaya da ke raba namiji da mace

Addu'ar Larabci mafi gajarta da ake sa wa a irin wannan wasiƙa ita ce shafakallahu, ma'ana Allah ya warkar da kai. Wannan ta namiji ce. Idan mace ake nufi sai a ce shafakillahu. Bambancin wasali ɗaya ne, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kansa, domin a harshensa ma haka yake: "Allah ya ba ka lafiya" ga namiji, "Allah ya ba ki lafiya" ga mace. Wannan ka da ki ɗin ba aro ba ne daga Larabci, gadon gida ne, domin Hausa da Larabci sun fito daga babban iyalin harsuna guda. Duk da haka kuskuren ya yawaita, kuma dalilinsa a fili yake. Littattafan addu'a sun fi kawo lafazin namiji, sai miji ya kwafo shi yadda yake ya aika wa matarsa. A rubutun Larabci na waya, inda ba a sa wasulla, kalmomin biyu kamarsu ɗaya, mai karatu ne ke cike wasalin da kansa. Rubutun boko ne ke tona asiri, tunda dole a rubuta ka ko ki. Macen da ta yi Islamiyya za ta lura nan take cewa mijinta ya yi mata addu'a da lafazin namiji. Addu'ar ba ta ɓaci ba, Allah ya san wadda ake nufi, amma matar za ta gane kwafowa aka yi.

Duk kalmar da aka ƙara a jere dole ta bi wannan tsari. Idan aka haɗa da neman afiya, namiji a ce masa shafakallahu wa afaka, mace shafakillahu wa afaki. Akwai kuma shafakumullahu, lafazin jam'i, wanda wasu mata ke zaɓa don girmama miji, kamar yadda ake ce wa babba "ku" a Hausa. Yana da wani amfanin ga wanda ke shakka, domin ana amfani da shi wajen girmamawa ba tare da damuwa da jinsi ba, sai dai yana sa ɗan nisa tsakanin ma'aurata.

Lamarin yakan ƙara rikicewa idan mai rubutu ya juya daga magana da marar lafiya zuwa magana da Allah. A nan marar lafiya ya koma wanda ake magana a kansa, shi ko ita. Sai a ce Allahummashfihi, ya Allah ka warkar da shi, ko Allahummashfiha, ya Allah ka warkar da ita. Mace tana iya cewa Allahummashfi zauji, ka warkar da mijina, miji kuma ya ce Allahummashfi zaujati. Ambaton marar lafiya kai tsaye a cikin addu'a yana da asali: an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya duba Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Makka, ya roƙa masa waraka yana ambaton sunansa. Matar da ba ta kiran sunan miji sai ta fake da zauji, ta sami addu'a ba ta keta alkunya ba.

Akwai tarko biyu a rubuta waɗannan kalmomi da boko. Na farko shi ne ƙara a a farkon aikatau, a rubuta ashfaka maimakon shafaka. A Larabci wannan wani gini ne daban, kuma a ƙamus ana amfani da shi ga wanda ya kai gaɓar wani abu, har da gaɓar mutuwa. Malaman Larabci sukan ja kunne a kansa. Na biyu ya samo asali daga yadda boko ke rubuta haruffan Larabci biyu, hamza da ainu, da alama ɗaya, wato ɗan waƙafin nan na sama. Shifa'i waraka ce, shafa'a kuma ceto ne, irin wanda ake fata ranar alƙiyama. Wanda ya tashi roƙa wa matarsa shifa'i ya rubuta shafa'a ya tsallaka da ita lahira ba da niyya ba. Idan mai rubutu bai tabbatar da kalma ba, gara ya rubuta addu'ar da Hausa, ko ya nuna wa malamin unguwa layin nan kaɗai kafin ya naɗe takardar.

Wace addu'a ce ta dace da takarda

Addu'o'in marar lafiya da aka ruwaito daga Annabi suna nan a tattare a cikin Hisnul Muslim na Sa'idu ɗan Aliyu Alƙahɗani, ƙaramin littafin da aka fassara zuwa Hausa kuma ake samu a bakin masallatai da yawa. Sai dai ba duka ne aka tsara su don aiki ɗaya ba, kuma wasiƙa tana yin kyau idan aka lura da haka.

Akwai wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Ibnu Abbas, wadda ake maimaitawa sau bakwai ana roƙon Ubangijin Al'arshi ya warkar da marar lafiya. Hadisin yana magana ne a kan wanda ya je dubiya ya karanta ta a wurin marar lafiyan. Rubuta ta sau bakwai a takarda, kamar yadda wasu ke yi, cika shafi ne kawai. Ya fi ma'ana a rubuta ta sau ɗaya, ko a ce za a karanta masa ita ranar da aka zo. Kalmarta ta ƙarshe ma tana bin jinsi: yashfiyaka ga namiji, yashfiyaki ga mace. Akwai kuma wadda Muslim ya ruwaito daga Usmanu ɗan Abil Asi, wanda ya kai kukan wani ciwo a jikinsa, aka umarce shi ya ɗora hannu a inda ke ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, sannan ya nemi tsari daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Wannan marar lafiya ne ke yi wa kansa, don haka ita ta fi dacewa da wasiƙa. Mai rubutu yana tuna masa da abin da zai iya yi shi kaɗai cikin dare, lokacin da mai jinya ya yi barci ciwo kuma ya tashi.

Ga ma'aurata akwai abin koyi na musamman a ruwayar Buhari da Muslim daga Nana A'isha. Ta ce idan Annabi ba shi da lafiya yakan karanta surorin neman tsari ya tofa a jikinsa, da ciwonsa ya tsananta sai ita ta riƙa karanta masa tana shafa shi da hannunsa. Matar da ba ta kusa ba za ta iya shafawa ba, amma tana iya gaya masa cewa tana karanta masa Falaƙi da Nasi kowane dare. Wannan ya dace da wani hadisin Muslim da ke nuna cewa addu'ar da mutum ya yi wa ɗan'uwansa a bayan idonsa karɓaɓɓiya ce, har mala'ika na ce masa amin, kai ma kana da irinta. Daga Alƙur'ani kuwa an fi ambaton addu'ar Annabi Ayuba a aya ta 83 ta Suratul Anbiya'i, da maganar Annabi Ibrahim a aya ta 80 ta Suratush Shu'ara'i. Ambaton sura da lambar aya ya isa. Ya fi a kwafo ayar da boko a yi kuskuren harafi.

Layi biyu ko uku na Larabci sun wadatar. Marar lafiya ba shi da ƙarfin dogon karatu, kuma takardar da ta cika da addu'o'in da aka kwafo, kowa na iya aiko ta, har abokin kasuwa. Abin da matar aure kaɗai za ta iya rubutawa yana ɓangaren Hausa.

Misali

A ɗauki magidanci da ya yi haɗarin mota ya karye a cinya, aka kwantar da shi a wani gari mai nisa, ƙaninsa Sani na jinyarsa. Matarsa tana gida da goyo da yara biyu, ta rubuta masa kamar haka:

*Bismillahir Rahmanir Rahim.*

*Zuwa ga Baban Ummi. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.*

*Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar? Shafakallahu wa afaka. Allah ya sa kaffara ne, ya tsare gaba.*

*Bayan haka, Sani ya gaya mini ka fara zama da kanka ka ci abinci. Alhamdu lillahi. Ga farfesun kaza nan, ban sa barkono da yawa ba, ka daure ka cinye ko ba ka jin daɗin bakinka. Ga dambun nama kuma saboda dare.*

*Gida lafiya lau. Inna ta zo tana kwana da mu. Ummi ta kai Sabbi, ta ce ba za ta biya wa kowa ba sai kai. Autanka ya fara tsayawa da bango. Buzunka na nan inda ka bar shi, na hana yara hawa.*

*Don Allah ka yi haƙuri da zaman nan, ka bi abin da likita ya ce, kada ka matsa a sallame ka kafin lokaci. Idan ƙafar ta dame ka da dare, ka ɗora hannu a wurin ka karanta addu'ar nan da ka koya mini lokacin haihuwar Ummi. Ni ma kullum bayan sallar asuba ina cewa Allahummashfi zauji, yara na cewa amin.*

*Ina nan tafe ranar Juma'a da Yaya Babba, in sha Allahu. Allah ya tashi kafaɗunka.*

*Wassalam. Taka, Maman Ummi.*

Babu kalmar so ko guda a takardar nan, amma ba wanda zai karanta ta ya yi shakkar abin da ke zuciyar mai ita. Ƙaunar ta ɓuya a cikin barkonon da aka rage, da buzun da aka hana yara hawa, da addu'ar da ya taɓa koya mata ta dawo masa da ita. Haka Hausa ta saba nuna taushi tsakanin ma'aurata, ta hanyar hidima da lura da ƙananan abubuwa, kuma wannan salo ne ya sa Sani zai iya karanta ta da ƙarfi a ɗakin maza ba wanda ya ji kunya. Kalma ɗaya ce ta fito fili, wato "Taka" ta ƙarshe, ita ma tsarin wasiƙa ya halatta ta.

Yadda aka jera harsunan biyu ma abin lura ne. Shafakallahu wa afaka ta zo daidai bayan tambayar jiki, inda mai dubiya zai faɗe ta da baki, sannan aka bi ta da addu'ar Hausa. Ta Hausar ba fassarar ta Larabcin ba ce, ƙari ce a kanta. "Allah ya sa kaffara ne" tana ɗauke da akidar cewa ciwo na kankare zunubi, "ya tsare gaba" kuma addu'ar jaje ce ta wanda ya yi haɗari, ba za a faɗe ta ga mai hawan jini ba. Allahummashfi zauji ta zo ne a cikin labari, a matsayin abin da take yi kowace asuba, shi ya sa ta fi nauyi a kan a rubuta ta ita kaɗai a layi.

Labarin gida an tace shi. An zaɓi abin da zai sa ya yi marmarin tashi: 'yar da ke jiran ta biya masa karatu, da jaririn da ya kusa tafiya. An kuma kashe masa damuwar wa ke kwana da iyalinsa. Jan kunnen da ke ciki yana da dalili. Mai karaya idan zama ya yi tsawo, kuɗi na tafiya, 'yan dubiya sukan fara ba shi shawarar ya sa hannu a sallame shi a kai shi wurin mai ɗori. Murya ɗaya daga gida da ke cewa ya zauna tana iya rinjayar goma da ke cewa ya tashi. Sa rana kuwa alkawari ne, kuma mai kwance yana ƙirga kwanaki fiye da kowa, don haka ba a rubuta Juma'a sai an tabbatar da kuɗin mota da abokin tafiya.

Da miji ne ke rubuta wa mata, sai kowane ka ya koma ki, zauji ya koma zaujati, "Taka" ta koma "Naki". Labarin gida kuma ya sauya nauyi, domin abin da ke hana mace barci a asibiti shi ne yara: wa ke dafa musu, wa ke yi musu wanka, sun je makaranta ko ba su je ba. Mijin da ya rubuta cewa shi ya kai su Islamiyya da kansa, ko ya amsa cewa tuwon da ya gwada tuƙawa ya yi gudaji yaran sun yi masa dariya, ya ba ta abin murmushi ya kuma nuna mata gurbinta na nan. A gidan da ke da kishiya sai an ƙara taka-tsantsan. Yabon yadda abokiyar zama ta riƙe gida, ko da gaskiya ne kuma da kyakkyawar niyya aka faɗa, yana iya sauka a kunnen mai kwance kamar an ce ba a rasa komai ba da tafiyarta. Isar da gaisuwarta da addu'arta ya wadatar.

Kalmomin da ke kama da bankwana

Babban haɗarin wannan wasiƙa shi ne ta zame daga dubiya ta faɗa ta'aziyya, domin addu'o'in biyu maƙwabtan juna ne a bakin Bahaushe. "Allah ya sa mu cika da imani" addu'a ce mai kyau, amma an fi jin ta a zaman makoki. Haka "Allah ya jiƙan ka", da rahimakallahu, da buɗe takarda da kalmomin istirja'i da ake faɗa idan an ji labarin mutuwa ko wata babbar musiba. Ma'anarsu ta asali ba ta keɓanta da mamaci ba, amma kunne ya riga ya ɗaure su da shi. Mai kwance kuwa kunnensa a buɗe yake, yana neman alamar ko ana ɓoye masa wani abu.

Neman gafara ma haka yake. Mace takan ji tausayi ya kama ta ta rubuta, "Ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka." A al'ada wannan magana ce ta mai shirin doguwar tafiya ko wanda ya ga alamar ajali, kuma mutumin da za a shiga da shi tiyata gobe zai karanta ta a matsayin sallama. Idan akwai saɓanin da ya rage tsakaninsu, layi ɗaya mai sauƙi ya isa, kamar a ce maganar ranar nan ta wuce, sauran kuma sai ya dawo gida. Akasin wannan shi ne alkawarin da ba a da iko a kansa, irin "jibi za a sallame ka" alhali likita bai faɗa ba. Idan jibi ta zo ta wuce, duk sauran abin da ke takardar ya rage daraja.

Maganar kaffara ita ma tana da iyaka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya duba wani Balaraben ƙauye, ya ce masa ba komai, tsarkakewa ce in Allah ya so, sai tsohon ya ƙi karɓa, ya ce zazzaɓi ne dai mai tafasa da zai kai shi kabari. Tun a wancan zamani ke nan akwai marar lafiyan da ciwo ya ƙuntata wa har bai iya jin lallashi. "Allah ya sa kaffara ne" addu'a ce, ana karɓar ta da amin. Amma idan aka faɗaɗa ta zuwa wa'azi, ana lissafa wa mutum cewa ya duba tsakaninsa da Allah, ta koma zargi, musamman daga bakin abokin zama wanda ya san laifuffukansa. Haka nan kuɗin magani, da bashin da aka ci, da mai gidan haya da ya zo, da zargin cewa wani ne ya yi masa asiri, duk ba na wannan takarda ba ne. Idan dole ne a yi maganar kuɗi, da mai jinya ake yin ta a waje.

Saura kula da takardar kanta. Tunda tana ɗauke da sunan Allah, ba a barin ta a ƙasa ko a kan durowar gefen gado inda ake ajiye kwanuka da tasar fitsari. Akan naɗe ta a sa a jaka ko ƙarƙashin matashi. Ajiye ta a can bai mai da ita laya ba, kuma ba rubutun sha ba ce da za a wanke. Mace mai jinin haila ko na biƙi, ko wanda ba shi da alwala, yana iya riƙe ta ya karanta, domin malamai sun bambanta wasiƙar da aka ambaci Allah ko aya a cikinta da Alƙur'ani kansa, suna kafa hujja da wasiƙar da Annabi ya aika wa Hiraƙla, sarkin Rum, wadda akwai aya a cikinta. Wasu sukan bar rubuta basmala a sama don gudun kada takardar ta faɗa shara, su fara da sallama kawai. Ranar da aka sallami marar lafiya, mai jinya ya duba ƙarƙashin matashi kafin masu shara su zo canza zanen gado. Idan ba za a adana takardar ba, ƙonawa ake yi ko a binne ta a wuri mai tsabta, kamar sauran takardu masu ɗauke da sunan Allah.